Allon Dandano: Yadda Ake Nuna wa Mai Zane Katin Aure Abin da Ake So

Allon dandano shafi ɗaya ne da masu biki ke tara hotuna da launuka a kansa domin mai zane ya gane irin katin gayyatar da ke ransu. Yanzu da manhajoji irin su Midjourney ke ƙirƙiro hoto daga bayanin da aka rubuta musu, haɗa allon ya yi sauƙi. Sai dai aikin hoton ya tsaya a kan allon, ba ya shiga katin.

A ɗauki misalin amaryar da ankon bikinta ruwan goro ne da ruwan zinare, tana kuma son zanen lalle a gefen katin. Da wannan za a fara, a rubuta wa manhajar launuka biyun, zanen a gefe, tsakiya fili, babu rubutu. Idan an fitar da hotuna 20, a zaɓi biyar ko shida. Fiye da haka rikita mai zane yake yi, domin ba zai san wanne ne zaɓin gaske ba. A ƙarƙashin kowane hoto a rubuta abin da aka so a jikinsa da abin da ba a so: wannan don launinsa, wancan don siririn zanen gefensa, ban da furannin. Wannan ɗan rubutun ya fi hoton kansa amfani.

Akwai dalilin da ya sa ba a kai hoton kai tsaye wurin mai bugawa. Kati mai faɗin inci 5 da tsawon inci 7 yana bukatar ɗigo 300 a kowane inci, wato 1500 a faɗi da 2100 a tsawo, alhali yawancin hotunan manhaja wajen 1024 suke fitowa. A waya suna da kyau, a takarda sai gefunansu su dusashe. Launi ma haka. Fuskar waya da haske take haɗa launi, wato RGB, injin bugawa kuwa da tawada huɗu, CMYK, shi ya sa zinaren da ke walƙiya a waya yake komawa rawaya mai duhu. Sheƙin gaske sai an manna takardar zinare da zafi, kuma kuɗinsa daban ne. Don haka gara a haɗa da ƙyallen ankon a ba mai zane ya riƙe a hannu.

Rubutu ne ya fi haɗari. Manhaja kan zana abin da ya yi kama da Larabci alhali haruffan ba su haɗu da ma'ana ba, kuma takan tauye ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ. Bisimilla, sunayen iyalai biyu, ranar ɗaurin aure da wurin walima, duk mai zane ne zai rubuta su da haruffan gaske, sannan a buga gwaji ɗaya a kai wa manyan gida su duba kafin a buga sauran.