Takardar ƙorafi kan kuɗin ajiyar haya a Ingila

Kuɗin ajiya su ne kuɗin da ɗan haya yake bayarwa kafin ya tare, domin a cire diyyar ɓarna ko bashin haya ranar da ya tashi. A Ingila, tun daga watan Afrilun 2007 doka ta wajabta wa maigida ya yi musu rajista da ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su, kuma a yau kwana 30 aka ba shi ya yi hakan. Dokar 2019 kuma ta hana karɓar fiye da kuɗin hayar mako biyar a gidan da hayarsa ba ta kai fam 50,000 a shekara ba.

Idan maigida ya riƙe kuɗin, ɗan haya yakan fara nemansu daga hannunsa a rubuce. In ba a daidaita ba, sai ya kai kuka ga hukumar da aka yi rajistar da ita. Sasancin kyauta ne, amma sai ɓangarorin biyu sun yarda da shi, kuma hukuncin da aka yanke ya hau kan kowa. Mai sasancin ba ya zuwa duba gidan, ba ya kiran shaidu; abin da aka aika masa kaɗai yake dubawa.

Saboda haka takardar takan fara da adireshin gidan, da ranar shiga da ta fita, da adadin kuɗin, da lambar rajistarsu. Sai a jera abin da maigida ya cire ɗaya bayan ɗaya, a amsa kowanne da hujja: yarjejeniyar haya, da takardar da ta bayyana halin kayan gidan ranar shiga da ranar fita, da hotuna masu kwanan wata. Zagi da dogon labari ba sa ƙara komai. A ƙa'ida kuɗin na ɗan haya ne, maigida ne zai tabbatar da ɓarnar da yake iƙirari.

Inda aka fi samun saɓani shi ne bambancin ɓarna da tsufa. A ɗauka maigida ya cire fam 500, kuɗin sabon kafet, saboda ƙunar dutsen guga. Idan irin wannan kafet yakan yi shekara 10, wannan kuwa ya riga ya yi 8, to amfanin shekara 2 kawai aka rasa. Ko da ƙunar ta sa dole a canza shi, abin da ya dace a cire fam 100 ne, sai takardar ta nemi a mayar da 400.

Idan kuwa tun farko maigida bai yi rajistar kuɗin ba, hukumar ba ta da hurumin shiga maganar, sai dai kotu. Can alƙali yana iya sa shi ya mayar da kuɗin, ya kuma biya tarar da ta kama daga daidai adadinsu zuwa ninki uku.