Rabon Aikin Kwana a Asibiti: A Ƙirga, Kada a Yi da Ka

A ɗakin kwantar da marasa lafiya, ba abin da ke haɗa ma'aikatan jinya rigima kamar takardar rabon aiki da ake liƙawa a farkon wata. Kowa layin dare yake fara dubawa. Kuma sau da yawa sababbin ɗauka da masu kawaici ne ke kwana a asibiti fiye da kowa, don an san ba za su ce uffan ba.

Maganin wannan shi ne lissafi. A ce ɗaki yana da ma'aikata 12, kuma kowane dare ana bukatar biyu. A jadawalin kwana 28, gurbin dare 56 ke nan. Sai a cire shugabar ɗaki, wadda aikinta na safe ne, a cire mai tsohon ciki ɗaya. Ita wannan ba alfarma aka yi mata ba, domin yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 171 ta 1990 ta tanadi a sauya wa mace aikin dare kafin haihuwa da bayanta. Saura mutum 10. Hamsin da shida ba ta rabuwa daidai, don haka shida za su yi dare shida-shida, huɗu su yi biyar-biyar. A wata mai zuwa, waɗannan huɗun su ne za su fara ɗaukar shida.

A nan ne akasari ake tafka kuskure. Shugaba takan zana kowane wata kamar ba a yi na baya ba, ragowar kuma ta ci gaba da faɗawa kan mutum guda. Dole a ajiye littafi mai tara jimillar kowa, kuma abin da za a rubuta shi ne daren da mutum ya yi da gaske. Idan wata ta yi rashin lafiya aka kira wata ta riƙe mata, ko biyu suka yi musaya tsakaninsu, sai ya shiga littafin. In an tara na wata uku aka ga tsakanin mai yawa da mai kaɗan ya haura dare biyu ko uku ba tare da dalili ba, rabon ya karkace.

Dare ma suna ya tara. Na Asabar da na jajiberin Sallah ko Kirsimeti a ƙirga su daban, don wanda ya kwana a bakin aiki a ƙaramar Sallah bai kamata ya sake a babba ba.

Ni dai ban gamsu da tsarin dare bakwai a jere ba, ko da hutun mako na biye da shi. Barcin rana ba ya biyan na dare, gajiya tana taruwa, kuma wajen ƙarfe uku zuwa biyar na asuba hankali ya fi dushewa, alhali a lokacin ma ana ba da magani ana duba ƙarin ruwa. Gara dare biyu ko uku, sannan hutun kwana biyu kafin a koma aikin safe.