Daidaita Rukuni a Lokacin Horo da Lokacin Aiki: Nazarin Wani Ɓoyayyen Kuskure a Manhajojin Karanta Ajami

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin dabarar daidaita rukuni, wadda ake rubutawa da sunan `BatchNorm` a manhajojin koyon na'ura. An nuna cewa dabarar tana da halaye biyu: ɗaya na lokacin da ake horas da samfuri, ɗaya kuma na lokacin da ake sa shi aiki. An kawo misali daga tantance haruffan ajami domin bayyana abin da ke faruwa idan mai bincike ya manta bai sauya samfuri daga hali na farko zuwa na biyu ba, tare da hanyoyin gano kuskuren.

1.0 Gabatarwa

Masana Hausa sun fara cuɗanya da sakamakon binciken da na'ura mai ƙwaƙwalwa ta samar, ko dai a matsayin masu duba kundin ɗalibai, ko masu tace maƙalu, ko abokan aikin masana kwamfuta. Idan kundi ya ce samfuri ya gane kashi kaza cikin ɗari na haruffan ajami, akan karɓi adadin a matsayin shaida kan ingancin samfurin, wani lokaci ma kan wahalar rubutun kansa. Sai dai layi guda da aka manta a cikin manhaja yana iya sauya wannan adadi ba tare da na'ura ta yi ƙorafin komai ba. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace yadda hakan ke aukuwa.

2.0 Ma'anar Daidaita Rukuni

Sergey Ioffe da Christian Szegedy na kamfanin Google ne suka gabatar da dabarar a shekarar 2015. A ƙarshen wannan shekarar Kaiming He da abokan aikinsa suka fito da tsarin ResNet, wanda ya dogara da ita, ya kuma zama cikin samfuran da ɗalibai suka fi ɗauka idan za su tantance hotuna. Ƙaramin nau'insa, `resnet18`, yana ɗauke da matakan daidaita rukuni guda 20.

Samfuri irin wannan jerin matakai ne. Hoto yana shiga a matsayin lambobi, kowane mataki ya sarrafa su ya miƙa wa na gaba. A lokacin horo ba a cika ba shi hoto ɗai-ɗai ba, rukuni-rukuni ake ba shi, misali hotuna 32 a lokaci guda. Aikin matakin daidaitawa shi ne ya lissafa matsakaicin lambobin rukunin da faɗin bazuwarsu, sannan ya auna kowace lamba da nisanta daga wannan matsakaici:

```
y = gamma * (x - mean) / sqrt(var + eps) + beta
```

A nan `mean` shi ne matsakaici, `var` kuma ma'aunin bazuwa. Shi `eps` ɗan ƙaramin adadi ne, 0.00001 a manhajar PyTorch, da ake ƙarawa don kada a raba lamba da sifili. Su `gamma` da `beta` samfurin ne ke koyon su a lokacin horo.

Abin ya yi kama da malamin da ke ba ɗalibi daraja gwargwadon ƙoƙarin ajinsa. Maki 60 abin yabo ne a ajin da matsakaicinsa 45, amma koma-baya ne a ajin da matsakaicinsa 75. Takardar ɗalibin ba ta sauya ba, abokan zamansa ne suka sauya.

3.0 Hali Biyu na Dabarar

A ɗauka rukuni yana da lambobi huɗu: 2, 4, 6 da 8. Matsakaicinsu 5 ne, bazuwarsu 5, tushen bazuwar kuwa kusan 2.24. Idan aka daidaita lamba 6, za ta koma kusan 0.45, wato ta ɗan haura matsakaici. Idan kuma wannan 6 ɗin ta faɗo cikin rukunin 6, 8, 10 da 12, matsakaici ya zama 9, sai ta koma kusan 1.34 ƙasa da sifili. Lamba ɗaya ta ba da sakamako biyu masu karo da juna.

A lokacin horo wannan ba matsala ba ce, domin ana cakuɗa hotuna kafin a raba su rukuni-rukuni, saboda haka kowane rukuni yana kama da sauran. Amma samfurin da aka gama horarwa ana buƙatar ya ba da amsa ɗaya ga hoto ɗaya, ko da wa aka haɗa shi. Don haka tun lokacin horo kowane mataki yana ajiye taƙaitaccen tarihi a cikin `running_mean` da `running_var`. Bisa tsarin da PyTorch ke zuwa da shi, duk rukunin da ya wuce ana riƙe kashi 90 cikin ɗari na tsohon adadi, a haɗa da kashi 10 na sabon rukunin.

Umarnin `model.eval()` shi ke gaya wa matakan su daina duba rukunin da ke gabansu, su koma ga adadin da aka ajiye, su kuma daina sabunta shi. Idan matsakaicin da aka ajiye 5 ne, bazuwar kuma 4, to lamba 6 za ta riƙa komawa 0.5 a kowane lokaci. Abin lura shi ne, a PyTorch kowane sabon samfuri yana farawa ne a yanayin horo, kuma loda masa abin da ya koya ta `load_state_dict` ba ya sauya wannan yanayi.

4.0 Misali daga Haruffan Ajami

A ƙaddara wani ɗalibi ya tattara shafukan ajami daga hannun malaman zaure a unguwar Kwaciri da ke ƙaramar hukumar Fagge, ya yanka su harafi-harafi, ya horas da `resnet18` a kansu. A salon rubutun Magaribi da aka gada a ƙasar Hausa, fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, don haka wurin ɗigon yana daga cikin manyan alamomin da samfurin zai dogara da su. Idan ya zo gwaji bai kira `model.eval()` ba, abubuwa uku na iya faruwa.

Na farko ya shafi jerin hotunan. An saba ajiye kowane harafi a jakarsa, kuma ba a cika cakuɗa hotunan gwaji ba. Ke nan rukuni guda zai iya kasancewa fa ce zalla. A irin wannan rukuni, alamar ɗigon ƙasa tana da ƙarfi a kowane hoto, sai matsakaicin rukunin ya tashi. Da aka debe matsakaicin, abin da ya bambanta fa da sauran haruffa ya raunana, tamkar ajin da kowa haziƙi ne amma aka ba rabinsu darajar ƙasa da matsakaici. Adadin nasara zai faɗi, ɗalibin kuma ya ɗora laifin a kan hannun marubuta ko tsufan takarda. Da ya cakuɗa hotunan, da adadin ya matso kusa da daidai, kuskuren kuma ya ƙara ɓuya.

Na biyu yana bayyana idan aka ba samfurin hoto ɗaya tak, kamar yadda mai amfani da waya zai yi. Matakin `BatchNorm1d`, idan lamba ɗaya kawai ya samu a kowace tasha, yakan tsaya ya nuna saƙon `Expected more than 1 value per channel when training`. Wannan sa'a ce, domin saƙon ya tona asirin matsalar. Shi kuwa `BatchNorm2d` na hotuna ba ya tsayawa, saboda hoto guda yana da ɗigogi masu yawa da zai lissafa matsakaicinsu. Sai ya auna hoton da kansa, ya fitar da amsa mai kama da ta gaske alhali ba a kan ma'aunin da ya koya take ba.

Na uku ya fi sauran illa, domin yana taɓa samfurin kansa. A yanayin horo, kowane rukunin gwaji yana sabunta tarihin da aka ajiye. Idan matsakaicin da aka ajiye 5 ne, rukunan gwaji kuma suna zuwa da 9, bayan rukuni ɗaya zai koma 5.4, bayan goma ya kai kusan 7.6. Bayan rukuni 22, abin da ya rage na asalin tarihin bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Idan aka adana samfurin bayan haka, an adana shi da gurɓataccen ma'auni. Bugu da ƙari, bayanan gwaji sun shiga cikinsa, wanda ya saɓa wa ƙa'idar cewa kada samfuri ya amfana da abin da za a jarraba shi da shi.

5.0 Gano Kuskuren da Gyara Shi

Da yawa sukan ɗauka cewa `torch.no_grad()` ya wadatar. Wannan umarni yana hana lissafin da ake gyara samfuri da shi ne kawai, bai shafi yanayin matakan daidaitawa ba, kuma tarihin yana ci gaba da sauyawa a ƙarƙashinsa. Ana buƙatar dukansu biyu:

```python
model.eval()
with torch.no_grad():
    out = model(x)
model.train()
```

Layin ƙarshe ana sa shi ne idan za a ci gaba da horo. Mantawa da shi kishiyar kuskuren farko ce: daga zagaye na biyu samfurin zai ci gaba da koyo a kan tarihin da ya daskare.

Hanya mafi sauƙi ta bincike ita ce duba `model.training`, wanda ya kamata ya nuna `False` a lokacin gwaji. Haka kuma kowane mataki yana da maƙirga mai suna `num_batches_tracked`. Idan adadinta ya ƙaru bayan gwaji, to an yi gwajin a yanayin horo. Wanda ba ya karanta manhaja ma yana da abin da zai nema: a ba samfurin harafi ɗaya shi kaɗai, sannan a sake ba shi a cikin wasu haruffa daban. In amsar ta sauya sosai, akwai matsala. Maimaita rukuni iri ɗaya sau biyu ba ya wadatarwa, domin matsakaicinsa ɗaya ne, amsa ɗaya zai bayar ko da kuskuren yana nan.

Akwai iyaka ga wannan gyara. Wani lokaci sakamako yakan ragu bayan an kira `model.eval()`, musamman idan an yi horo da rukuni ƙanana ƙwarai, ko an horas da samfuri da shafukan da aka ɗauka da sikana sannan aka gwada shi da hotunan waya masu duhu. Wannan ba hujjar komawa yanayin horo ba ce. Alama ce cewa tarihin da aka ajiye bai dace da sababbin hotunan ba, kuma maganinta shi ne a shigar da irin waɗannan hotuna cikin bayanan horo, ko a sake lissafa tarihin da hotunan da ba na gwaji ba.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa matakin daidaita rukuni yana auna hoto da abokan rukuninsa a lokacin horo, yana kuma auna shi da ajiyayyen tarihi a lokacin aiki. Saboda haka ya dace mai duba kundin da ya yi amfani da samfuri irin ResNet ya yi tambayoyi uku kafin ya amince da adadin da aka kawo: shin an sa samfurin a yanayin gwaji, shin sakamakon yana nan yadda yake idan aka sauya girman rukuni ko jerin hotuna, kuma shin an adana samfurin ne kafin gwaji ko bayansa. Sai an samu gamsasshiyar amsa ga waɗannan ne za a iya gina wani hukunci game da rubutun ajami a kan adadin.