Yadda ake mayar da sautin kiran banki jadawalin koke mai kwanan wata

Wanda aka cire wa kuɗi daga asusu ba bisa ƙa'ida ba yakan fara da kiran layin kula da abokan hulɗa na bankinsa, kuma da yawa sukan naɗi maganar a waya don kada a musanta daga baya. Sai dai sautin minti goma sha biyar bai zama takardar koke ba tukuna. Jami'in da zai duba ƙorafin yana da ɗaruruwan irinsa a gabansa, kuma da wuya ya zauna yana sauraron gaisuwa da kiɗan jira yana laluben inda aka yi alkawari. Abin da ke yi masa amfani shi ne shafi ɗaya da ya jero abubuwan da suka faru bi da bi, kowanne da ranarsa da sa'arsa, sautin kuma ya tsaya a matsayin shaidar da za a koma mata idan gardama ta tashi.

A Najeriya kwanan wata yana da nauyi saboda dokokin Babban Bankin Najeriya an gina su ne kan wa'adi. Tun daga watan Yunin 2020, idan na'urar ATM ta wani banki ta riƙe kuɗin mutum, wa'adin mayarwa sa'o'i 48 ne, rikicin POS da na sayayya ta intanet kuma sa'o'i 72. Haka nan dole ne mai koke ya fara kai kuka ga bankinsa, ya ba shi mako biyu, kafin ya wuce zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Jadawalin da ba ya nuna ranar da aka shigar da koke ba zai iya nuna cewa wa'adin ya cika ba.

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa da ya je sayen atamfa ta naira 85,000 a Kantin Kwari ranar Litinin, 4 ga Maris 2024. Na'urar POS ta fitar da risiti mai ɗauke da DECLINED, amma alat ya shigo cewa an cire kuɗin. Mai shago ya hana kaya, kuma da gaskiyarsa, tunda babu abin da ya shiga asusunsa. Layin farko na jadawalin daga nan yake farawa, tun kafin kira: rana, sa'ar da ke jikin risiti, adadin kuɗi, da lambobin da na'urar ta buga, wato RRN mai lamba 12 da kuma lambar na'urar, wadda wasu risitai ke rubutawa TID. Da waɗannan ne banki ke gano ma'amalar a cikin dubbai. Rubutun risitin POS yana dusashewa cikin 'yan makonni, balle a aljihu lokacin zafi, don haka ake ɗaukar hotonsa a ranar.

Aikin kan sautin kansa yana buƙatar saurare sau biyu. A na farko ana sauraro ne daga farko zuwa ƙarshe da biro a hannu, ana rubuta mintin da aka faɗi kowane abu mai muhimmanci. A na biyu ake komawa waɗannan wuraren a kwafe kalmomin daidai yadda aka furta su. Abubuwan da ake farauta ba su da yawa: sunan da jami'in ya ba da, abin da ya ce ya gani a na'urarsa, lambar koken da ya bayar, da wa'adin da ya ɗauka. Sa'ar kiran da tsawonsa ana ɗauko su ne daga jerin kiran da ke cikin waya, domin ƙwaƙwalwa takan mayar da ƙarfe goma ƙarfe sha ɗaya. Ga yadda layin kiran ɗan kasuwar zai kasance:

"Juma'a, 8 ga Maris 2024, 10:14 na safe, tsawon kira minti 13. A minti 4:20 jami'ar ta tabbatar an cire naira 85,000 ranar 4 ga wata. A minti 7:05 ta ce an shigar da koke, ta karanto lambarsa. A minti 9:40 ta ce za a mayar da kuɗin cikin kwanakin aiki biyar."

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne cakuɗa abin da aka faɗa da abin da aka fahimta. Jami'an banki suna auna kalmominsu. "Za mu bincika" ba daidai yake da "za mu mayar" ba, haka nan "ya kamata kuɗin su dawo" ba alkawari ba ne. Mai fushi yakan ji na biyun ko da na farkon aka faɗa, kuma idan ya rubuta shi haka, banki ya saurari nasa kwafin ya ga saɓani, sauran jadawalin duka ya rasa ƙima. Inda sauti bai fita ba, ana rubuta cewa ba a ji sosai ba a minti kaza, ba a cike gurbin da zato. Idan da Turanci aka yi maganar, ana barin jumlar alkawarin da harshen da aka faɗe ta. Kwanakin aiki kuma ba su haɗa da Asabar da Lahadi da ranakun hutu ba, saboda haka biyar daga 8 ga Maris sun ƙare ne ranar Juma'a, 15 ga wata, kuma wannan ranar tana samun layinta ko da ba abin da ya faru: "Wa'adi ya cika, kuɗi ba su dawo ba."

Amfanin jerantawa yana fitowa ne a kira na biyu. A ce ranar Talata, 19 ga Maris, wani jami'in ya ce ma'amalar ta yi nasara kuma kuɗin suna wurin mai shago. Idan aka ajiye wannan layin ƙarƙashin na 8 ga wata da risitin da ke cewa DECLINED, karon ya fito fili ba tare da an zargi kowa da ƙarya ba. Kalmomi irin su zalunci da sata ba su ƙara wa takardar komai. Abin da ke ƙara mata ƙarfi shi ne bayanin asusun mai shagon na wannan rana, idan ya yarda ya bayar, wanda zai nuna kuɗin ba su shiga ba.

Sautin yana da iyaka. Tun 2022 Google ya hana manhajojin waje na naɗar kira a Play Store, shi ya sa wasu ke sa lasifika su naɗa da waya ta biyu, sautin ya fito da hayaniya. Ya fi tsabta mai kira ya faɗa tun farko cewa yana naɗa, kamar yadda bankin kansa ke sanarwa. Ba a yanke fayil ɗin ko gyara shi, domin idan magana ta kai kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayani kan na'urar da ta samar da shaidar. Kuma tunda a farkon kira akan tambayi ranar haihuwa da wasu bayanan tantancewa, ba a yaɗa sautin a zaurukan WhatsApp. A cikin jadawalin ma, lambobi shida na farko da huɗu na ƙarshe na kati sun isa, lambar sirri kuwa ba ta shiga ko'ina.

Bayan kowane kira ana aika wa bankin taƙaitawar ta imel ko a kai takarda reshe a buga mata hatimin karɓa, wannan aikawar ma ta zama layi. A misalin nan mako biyu sun cika ranar 22 ga Maris. Daga nan ɗan kasuwar yana iya tura jadawalin zuwa cpd@cbn.gov.ng tare da lambar koken, hoton risiti, bayanin asusu da shaidar cewa ya fara kai kuka bankinsa, ya rufe da buƙata guda a fili: a mayar masa da naira 85,000 cikin asusun da aka cire su.