Daga Janareto Zuwa Sola: Yadda Injiniya Zai Gamsar Da Masu Ba Da Tallafin Karatu

Duk injiniyan da ke neman tallafin digiri na biyu a fannin makamashi mai sabuntuwa, kamar na DAAD a Jamus ko Chevening a Birtaniya, sai ya rubuta takardar bayyana manufa. Sakamakon jarrabawa yana nuna abin da ya karanta. Ita kuwa takardar, tambaya guda take amsawa: me ya raba ka da layinka na da?

A nan da yawa ke tuntuɓe. Sai su buɗe da cewa Najeriya na fama da ƙarancin wuta, alhali Allah ya hore mata rana. Gaskiya ne, amma masu tantancewa sun karanta wannan har sun gaji, kuma bai faɗi komai game da mai rubutun ba.

A ɗauki misalin wanda ya karanta injiniyan lantarki, ya yi shekara biyu yana kula da janaretoci. Aka kira shi ya duba famfon burtsatse mai aiki da sola da ya rage ba da ruwa a tsakiyar bazara. Wayoyi lafiya lau. Da ya auna, sai ya ga faranti ya yi zafi har digiri 65. Ƙarfin da ake rubutawa a jikin faranti kuwa a digiri 25 ake gwada shi, kuma kowane digiri ɗaya na ƙari yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Ke nan zafi kaɗai ya cinye kusan kashi 16, ga kuma ƙurar da ta lulluɓe gilashin. Wanda ya tsara aikin bai sa wannan a lissafi ba.

Wannan labarin, da alƙalumansa, shi ya kamata ya buɗe takardar. Yana nuna tsohon iliminsa bai tashi a banza ba, tunda da shi ya gano matsalar. Sannan ya faɗi iyakarsa ba kunya: ya iya gano cutar, amma bai iya tsara tashar da za ta jure zafi da ƙura ba, bai kuma san lissafin batiri ba. Daga nan sai ya ambaci darussan kwas ɗin da za su cike giɓin, da sunayensu. In za a iya cire sunan jami'ar a sa wata ba tare da an taɓa sauran jimlolin ba, to da sauran aiki.

Kada kuma ya kushe aikin janareto don ya burge. Shekarun nan biyu ma Chevening na neman su a matsayin sharaɗi.

Sakin layi na ƙarshe na dawowa gida ne. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, saboda haka yana iya cewa zai yi aikin ƙananan tashoshin sola na ƙauyuka a jiharsa, ya faɗi irin ma'aikata ko kamfanin da zai nufa a shekara biyun farko.