Minsharin da Ba na Barci Ba: Haɗarin Haɗa Firegabalin da Tiramadol

A lokacin girbin masara, kemis a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ba ya rasa mai zuwa da hannu a ƙugu yana neman abin da zai kashe masa ciwon baya. Wani kuma ƙafafunsa ne ke zugi da dare kamar an zuba musu barkono, musamman idan ya daɗe da ciwon suga. Na farkon yakan tafi da tiramadol. Na biyun, idan ya ga likita a Funtuwa ko Malumfashi, ba mamaki a rubuta masa firegabalin ko ɗan'uwansa gabafentin. Matsalar tana farawa ne ranar da waɗannan mutane biyu suka zama mutum ɗaya.

A jikin kwali ana rubuta sunayen magungunan pregabalin da gabapentin, wasu kuma sun fi sanin su da sunayen kasuwa, Lyrica da Neurontin. Amurka ta amince da gabafentin a 1993 don farfaɗiya, firegabalin ya biyo baya a 2004, daga baya suka fi yin suna wajen ciwon jijiya, irin zugin ƙafar mai suga. Aikinsu shi ne rage yawan saƙon da jijiyoyi ke aika wa junansu. Jijiyar da ke ta kururuwar ciwo sai ta lafa. Sai dai maganin ba ya zaɓen jijiyar ƙafa kaɗai, har ƙwaƙwalwa yake kaiwa, shi ya sa a gwajin da aka yi wa firegabalin kusan mutum uku cikin goma suka yi kukan jiri, fiye da biyu cikin goma kuma suka yi ta gyangyaɗi. Ga mai hawa babur daga Sabuwa zuwa kasuwar Dandume, ko mai tura zangarniya cikin injin casa, wannan kaɗai ya isa abin tsoro a makon farko na shan maganin da duk lokacin da aka ƙara masa yawa.

Shekaru da dama likitoci a duniya sun ɗauki waɗannan magunguna a matsayin masu sauƙin haɗari, har ana ba da su don a rage dogaro da dangin ofiyom, wato tiramadol, kodin, mofin da allurar fentazosin. Masu bincike a lardin Ontario na Kanada ne suka girgiza wannan tunani a 2017. Sun bi bayanan marasa lafiya da ke shan dangin ofiyom bisa umarnin likita, suka gano cewa wanda aka haɗa masa da gabafentin haɗarin mutuwarsa ya ƙaru da kusan rabi idan aka kwatanta da mai shan ofiyom ɗin shi kaɗai. A Afrilun 2019 Birtaniya ta saka magungunan biyu cikin jerin waɗanda doka ta tsaurara sayar da su. A Disambar shekarar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi, bayan ta duba rahotannin mutum 49 da numfashinsu ya sarƙe tsakanin 2012 da 2017, 12 daga cikinsu suka rasu.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar ganewa. Mutum ba ya tuna wa kansa ya yi numfashi yana barci. Akwai wani sashe a gindin ƙwaƙwalwa, daidai ƙeya, da ke lura da gurɓatacciyar iskar da ke taruwa a jini, da zarar ta yi yawa sai ya umarci ƙirji ya ja sabuwa. Dangin ofiyom suna dakusar da wannan mai gadi, sai iskar ta taru sosai kafin ya farga. Mai shan tiramadol kaɗai yakan tsira saboda idan numfashi ya yi ƙasa, jiki kan firgita ya farka. Firegabalin kuwa yana ƙara nauyin barci, ya kuma ƙara lafar da jijiyoyi, sai firgitar da za ta cece shi ta ƙi zuwa.

Akwai kuma wani abu a hanji. Ofiyom yana rage tafiyar abinci a ciki, shi ya sa masu shansa ke fama da taurin bayan gida. Gabafentin da ya daɗe a hanji yakan shiga jini fiye da yadda aka auna. Takardar da ke cikin kwalin maganin ta nuna cewa shan mofin awa biyu kafin gabafentin ya ƙara adadinsa a jini da kashi 44 cikin ɗari. Ke nan ƙwayar da likita ya ƙiyasta ba ita ce jiki ya karɓa ba.

A ɗauki misalin wani dattijo manomi a wani ƙauye na Faskari, mai shekara 65, da ya shekara goma da ciwon suga. Likita ya rubuta masa firegabalin miligiram 75 safe da yamma, ya sha wata guda lafiya, in ban da ɗan jiri da asuba. Ran nan ya wuni ɗaukar buhuna, baya ya riƙe. Ɗansa ya ce, "Baba, bari in samo maka mai ƙarfi," ya dawo da tiramadol mai lamba 225 daga hannun mai talla. Wanda hukumar NAFDAC ta amince da shi miligiram 50 ne ko 100, don haka ƙwaya ɗayar nan ta haura kafso huɗu na ƙaramin. Dattijo ya sha bayan isha'i, ya bi da firegabalin ɗinsa, da yake ƙafa ma na zugi sai ya ƙara ɗaya.

Firegabalin yana shiga jini da sauri, cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya kai ƙololuwa, tiramadol kuma wajen awa biyu ko fiye. Wato su biyun za su haɗu da ƙarfinsu daidai lokacin da gida ya yi tsit. Ga kuma abin da ba wanda ya lissafa: ƙoda ce ke fitar da firegabalin da gabafentin ta fitsari, kusan yadda suka shiga, kuma shekaru da ciwon suga suna raunana ƙoda ba tare da ta yi ciwo ba. A jikin saurayi mai lafiya rabin maganin kan fita cikin kamar awa shida. A jikin dattijon nan na safe bai gama fita ba na dare ya same shi. Dalili ke nan da likita mai lura ke neman gwajin ƙoda kafin ya yanke yawan da zai ba tsoho.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya uwargida ta ji yana wani minshari mai kakari, ta ce gajiya ce, a bar Malam ya huta. A nan ne ake asarar mutane. Mai barcin gajiya idan aka kira sunansa da ƙarfi ko aka girgiza kafaɗarsa zai motsa, ko da tsaki ne. Wanda magani ya danne, ko an murza ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsu da kyar zai buɗe ido, ko ma ya ƙi. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Idan aka ɗora hannu a ƙirjinsa aka ƙirga da agogon waya aka samu ƙasa da goma, ko yana ja ya tsaya na tsawon lokaci kafin ya sake ja, abin ya wuce barci. Ƙwayar ido takan tsuke ta koma kamar kan allura. A fatar baƙin mutum ba a cika ganin shuɗin da littattafan Turai ke faɗa ba, sai a duba cikin leɓe da dasashi da farce, za a ga sun yi fari-fari ko toka-toka.

Abin da aka saba yi wa wanda ƙwaya ta bugar, wato ɗura masa madara ko manja ko ruwan tsamiya, a nan kisa ne, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, ruwan zai tafi huhu. Abin yi shi ne a kwantar da shi a gefensa, a ɗan ɗaga haɓarsa don hanyar iska ta buɗe, a nemi abin hawa nan take. Idan numfashin ya kusa tsayawa, a mayar da shi rigingine, a toshe hancinsa, a hura masa iska baki da baki sau ɗaya duk daƙiƙa biyar ko shida. A kwashi duk kwalaye da fankon ƙwayoyin da ya sha a tafi da su.

A asibiti akwai allurar naloksan da ke karya ƙarfin ofiyom cikin mintuna. Amma tana da iyaka. Ba ta taɓa firegabalin ko gabafentin, ƙarfinta kuma yakan ƙare cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, alhali tiramadol na nan a jini. Mutum zai iya farfaɗowa ya ce a kai shi gida, bayan awa ɗaya ya koma inda ya fito. Sai an kwana ana lura da shi, wani lokaci da iskar oksijin. A yankin da matsalar tsaro ta sa fita da dare daga ƙauye zuwa babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa ta zama abin shawara, wannan nisa ma wani ɓangare ne na haɗarin, kuma ya kamata mai rubuta magani ya sa shi a lissafi.

Ba marasa lafiya kaɗai abin ya shafa ba. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 4.6 ne suka sha dangin ofiyom ba bisa umarnin likita ba, kuma tun bayan hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, firegabalin na yawan fitowa cikin kayan da hukumar NDLEA ke kamawa. Saurayin da ke cewa jikinsa ya saba da tiramadol yana da wani abin da bai sani ba: masu bincike a Jami'ar Bristol sun nuna a jikin ɓeraye cewa firegabalin kaɗan yana warware sabon da jiki ya yi da mofin. Adadin da ya sha jiya ya tashi lafiya, yau tare da firegabalin zai iya dakatar masa da numfashi. Giya, diyazefam da duk wani maganin barci suna ƙara wa abin nauyi, haka ma asma ko tsohon ciwon huhu.

Duk da haka, wanda likita ya ɗora a kan firegabalin ko gabafentin ba zai watsar da shi dare ɗaya ba. Yankewa farat ɗaya kan kawo rashin barci, zufa, fargaba, ga mai farfaɗiya kuma ta iya tashi. Ana rage shi ne sannu a hankali, aƙalla cikin mako guda. Akwai ma lokutan da likita ke haɗa magungunan biyu da sani, kamar ga mai ciwon daji ko mai sikila da ciwo ya tsananta, amma yakan fara da ɗan kaɗan, ya gaya wa iyali alamun da za su lura da su. Dattijon Faskari, da a ce ɗansa ya je kemis da kwalin firegabalin a hannu ya nuna, mai kemis da ya san aikinsa farasitamol zai ba shi, ya ce Baba ya koma wurin likitan da ya rubuta na farkon idan bayan bai saki ba.