Bashin baki: ranar da aminai biyu suka tsaya gaban alƙali

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, yawancin basussukan da ke raba zumunci ba a kan adadin kuɗi ake rigimarsu ba, a kan hujja ne. Ga misalin irin shari'ar da ake yawan gani a kotunan Musulunci na ƙasar Hausa, domin mai karatu ya ga yadda alƙali ke auna magana idan babu takarda.

Wasu aminai biyu ne tun suna makarantar allo. Ɗaya tela ne, ɗayan yana harkar hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano. Da kaka ta yi, ɗan kasuwar ya zo shagon telan ya ce, "Aboki, riɗi ya yi araha, ga shi jarina ya gaza. Taimaka mini da dubu ɗari shida, bayan Sallah in dawo maka da su." Telan bai yi wata-wata ba. Ya tura masa naira 400,000 ta banki, ya buɗe aljihun teburin ɗinki ya ƙirga masa 200,000 a hannu. Wani maƙwabcin shago da ya shigo aron almakashi yana tsaye lokacin da ake ƙirgar. Telan ya so ya ce a rubuta, amma ya ji nauyin bakinsa, don kada amininsa ya ɗauka bai yarda da shi ba.

Farashi ya faɗi, Sallah ta wuce, waya ta fara yin ƙara ba a ɗauka. Da suka haɗu a gaban dattawan unguwa, ɗan kasuwar ya zo da magana uku. Ya ce kuɗin banki ya karɓa, amma jari ne aka ba shi ya juya a raba riba, tunda kuwa an faɗi, asara ta mai kuɗi ce. Ya ce kuɗin hannu bai san da su ba. Ya kuma ce ko a cikin na bankin ya riga ya mayar da 100,000. Sulhu ya gagara, aka tafi kotu.

Aikin alƙali na farko shi ne ya tantance wane ne mai da'awa, wane ne wanda ake da'awa a kansa. Ƙa'idar da hadisi ya kafa ita ce kawo hujja nauyin mai da'awa ne, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musanta. Mutane da yawa suna zaton wanda ya kai ƙara shi ne mai da'awa daga farko har ƙarshe. Ba haka abin yake ba. Matsayin yana iya juyawa a kowace gaɓa, gwargwadon abin da kowa ya furta da bakinsa. Shi ya sa alƙali ya raba wannan rigima gida uku.

A kan naira 400,000, telan ya miƙa takardar bayanin asusunsa na banki. Takardar ta nuna rana, da adadi, da sunan wanda ya karɓa. Abin da ba ta nuna ba shi ne dalilin turawar, domin ya bar gurbin bayani fanko. Saƙon banki yana tabbatar da cewa kuɗi sun fita daga nan sun shiga can, amma bai san bambancin rance da kyauta da jari ba. Abin da ya taimaki telan shi ne ɗan kasuwar ya riga ya yi iƙirarin karɓa, saura sabani kan sunan abin da aka karɓa. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, Muhtasar na Shehu Halilu ya yi bayanin wannan mas'ala a babin ƙirali, wato ba wa mutum jari ya juya a raba riba. Idan mai dukiya ya ce rance ya bayar, wanda ya karɓa ya ce ƙirali ne, ana ɗaukar maganar mai dukiya tare da rantsuwarsa. Dalili kuwa, wanda ya amsa cewa dukiyar wani ta shiga hannunsa, sannan ya kawo zancen da zai sauke masa nauyin biya, shi ya kamata ya tabbatar da zancen. Alƙali ya tambayi ɗan kasuwar, "Malam, wa ya ji lokacin da kuka yanka rabon riba? Rabi da rabi ne, ko kashi ɗaya cikin uku?" Bai da shaida ko ɗaya.

Kuɗin hannu su suka fi wuya, domin an musanta su baki ɗaya. Cikakkiyar shaida a sha'anin dukiya ita ce maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu. Telan yana da mutum ɗaya tak, maƙwabcin nan. A nan ma Malikiyya ta buɗe ƙofa: a da'awar dukiya, shaida ɗaya adali tare da rantsuwar mai da'awa sun isa a yanke hukunci. Sai dai ba kowane shaida ake karɓa ba. Uba ba ya yi wa ɗansa shaida, ɗa ba ya yi wa ubansa, miji da mata ba sa yi wa juna, haka wanda zai amfana da hukuncin ko mai gaba da wanda ake ƙara. Da matar telan ce kaɗai ta ga ƙirgar, da babu abin da ya rage masa sai ya nemi amininsa ya rantse, in ya rantse kuwa kuɗin sun tafi. An ba ɗan kasuwar dama ya soki shaidar maƙwabcin, bai sami abin suka ba.

A gaɓa ta uku ɗan kasuwar ne ya koma mai da'awa, tunda shi ya ce ya biya 100,000. Ya ce a hannu ya bayar, bayan sallar Isha'i, su biyu kawai. Rashin rubutun da ya wahalar da amininsa shi ma ya kama shi. Ko da gaskiya ya faɗa, babu rasit, babu shaida, don haka rantsuwar musantawa ta koma kan telan. Ya yi alwala, ya rantse a kan gaɓoɓin uku, kotu ta tabbatar da bashin 600,000, aka tsara biya kashi-kashi saboda halin da ɗan kasuwar ke ciki. Kuɗi sun fara dawowa, amma gaisuwa ta yanke tsakanin gidajen biyu.

Duk wannan wahala takarda guda ta isa ta hana ta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ta yi umarni a rubuta shi da wa'adinsa, kaɗan ne ko mai yawa, wanda ake bi ya yi shiftar abin da ke kansa, a kuma kafa shaidu. Mafi yawan malamai sun ɗauki umarnin a matsayin mustahabbi, amma wanda ya taɓa zama a bencin kotu ya san hikimarsa.

Takardar ba ta bukatar lauya. A sa sunayen mutanen biyu, da adadin kuɗin a lamba da kalmomi, da kalmar "rance" ɓaro-ɓaro, da ranar biya. Mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, shaidu biyu da ba iyalin mai kuɗi ba su ma su sa, kowa ya riƙe kwafi. Idan ta banki za a tura, a rubuta "rance" a gurbin bayani. Duk lokacin da aka biya wani kaso, a rubuta a bayan takardar, mai kuɗi ya sa hannu. Ya fi dacewa mai karɓar bashin ya fara cewa a rubuta, domin shi ne takardar za ta kare idan aka ƙara masa abin da bai ci ba, kuma ita za ta raba magadansu da gardama idan ɗayansu ya rasu kafin wa'adi ya cika.